Babi na Bakwai: Kaya Sun Iso, Saura Karɓa

Kwali na iya tasowa daga Guangzhou ya ratsa teku, ya sauka a Legas, ya hau babbar mota zuwa Kano ba tare da wata tangarɗa ba, sannan ya zo ya maƙale a kan kanta, tafiyar minti goma daga gidan mai shi. Masu harkar jigila sun san cewa wannan ɗan taƙin na ƙarshe ya fi ko'ina cin kuɗi da ɓata rai. Dalili kuwa shi ne duk sauran tafiyar tana hannun ma'aikata da injuna, amma wannan matakin yana jiran mutum ɗaya ya baro abin da yake yi, ya zo a kan lokaci, kuma ya gamsar da wanda bai taɓa ganinsa ba cewa kayan nasa ne.

A garuruwanmu, zuwa karɓar kaya ya fi a kawo su gida yawa, kuma ba don lalacin masu kawowa ba ne. Adireshi irin "bayan masallacin Juma'a, gida mai jan ƙyaure" ya ishi ɗan unguwa, amma bai ishi baƙon da yake ɗauke da saƙo arba'in a bayan babur ba. Ko ya gane gidan, sau da yawa maigida yana kasuwa, kuma baƙon namiji ba ya kutsa kai cikin gida, sai dai ya tsaya a ƙofa yana neman yaron da zai aika. Kowace komawa da kaya asarar mai ce da lokaci. Shi ya sa ya fi sauƙi ga kowa a tara kayan unguwa guda a wuri ɗaya, kowa ya zo ya ɗauki nasa.

Wuraren da ake tarawar iri uku ne a wajenmu. Akwai tasha, inda direba ko ɗan kamasho ke riƙe saƙon da aka yi wa webil. Akwai shagon karɓa na kamfani, irin waɗanda Jumia da GIG Logistics suke da su a manyan garuruwa. Akwai kuma gidan waya, wato NIPOST a Nijeriya da Niger Poste a Nijar. Na huɗu, wanda ɗalibanmu da 'yan ci-rani suka fi saninsa a Turai da Sin, shi ne loka: jerin akwatunan ƙarfe a bakin titi ko ƙofar kanti, babu ma'aikaci, sai allo da ƙofofi. Kowannensu yana da wa'adinsa, da irin shaidar da yake nema, da abin da yake yi da kayan da ba a zo ɗauka ba. Wanda ya san waɗannan ukun da wuya kayansa su koma.

Me ya sa wa'adin yake da gajarta

Mutane kan ɗauki wa'adi a matsayin ƙeta, alhali lissafin wuri ne kawai. A ɗauki loka mai ƙofa 60. Idan kowa ya ɗauki kayansa a ranar da aka saka, lokar za ta yi hidimar saƙo 60 a kullum. Idan kowane kwali ya kwana uku, ta koma saƙo 20 a kullum, alhali kuɗin hayar wurin da na lantarki ba su ragu ba. Ƙofar da ke riƙe da takalmin wanda ya yi tafiya ƙofa ce da ba za a iya saka maganin wani a cikinta ba. Haka abin yake ga mai shagon karɓa a Sabon Gari ko Tudun Wada: yawanci ana biyansa ne a kan kowane saƙon da ya miƙa wa mai shi, ba a kan wanda ya kwana a sitonsa ba.

Da wannan ma'auni ake gane bambancin wa'adi tsakanin wuri da wuri. Inda wurin ya fi matsewa, nan wa'adin ya fi gajarta. Kamfanin InPost, wanda ya fara kafa lokokinsa a Poland a 2009, yana ba da awa 48 a can. Lokokin Amazon, da suka fara a 2011, suna ba da kwana 3. DHL, wanda ya fara nasa a Jamus tun 2001, yana riƙewa kimanin mako guda. Gidan wayar Birtaniya kuwa, mai manyan ɗakunan ajiya, yakan riƙe yawancin saƙonni kwana 18 kafin ya mayar. A saƙonnin ƙasa da ƙasa da ke bi ta gidan waya, ƙa'idar Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, wadda aka kafa a birnin Bern a 1874, ita ce kada jiran ya wuce wata guda sai da wani dalili na musamman.

Abin da ya faru a Sin a 2020 ya nuna yadda wannan lissafi yake taɓa aljihu. Kamfanin Hive Box, mafi girman masu loka a ƙasar, ya sanar cewa awa 12 kawai kaya za su zauna kyauta, bayan nan sai a biya rabin yuwan a kan kowace awa 12, har iyakar yuwan 3. Kuɗin ba su da yawa, amma jama'a suka fusata, domin sau da yawa mai kawowa ne yake jefa kaya a loka ba tare da ya tambayi mai su ba, kuma wanda aka saka wa kaya da safe yana wurin aiki har dare. Wasu rukunin gidaje a Hangzhou da Shanghai suka kashe lokokin da ke harabarsu. Cikin 'yan makonni kamfanin ya ba da haƙuri ya ƙara lokacin kyautar zuwa awa 18, amma bai janye cajin ba. Ya sassauta a kan tsawon wa'adi, bai sassauta a kan cewa wuri yana da farashi ba.

Abu biyu ne suke yawan ruɗar mutane game da wa'adi. Na farko shi ne lokacin da agogo yake fara bugawa. Ba ranar da ka ga saƙon tes ba ce, ranar da ma'aikaci ya shigar da kwalin cikin na'ura a matsayin wanda ya isa wurin karɓa ce. Idan wayarka ta mutu kwana biyu saboda rashin wuta, kwana biyun nan sun fita daga rabonka. Haka kuma ganin cewa kaya sun shigo garinku a shafin bibiya ba ya nufin sun kai kanta. Kafin shafin ya nuna kalma irin `Ready for pickup`, zuwanka wahalar banza ce. Daga lokacin da ya nuna kuma, kwanaki sun fara raguwa.

Na biyu shi ne irin kwanakin da ake ƙirgawa. Wani wurin yana ƙirga kwanakin kalanda, Asabar da Lahadi da ranar hutu duka a ciki. Wani yana ƙirga kwanakin aiki kawai. Loka sau da yawa ba ta san Lahadi ba, don haka kwana 3 a wajenta kwana 3 ne cur. Shagon karɓa kuwa yana iya ƙirga kwanakin kalanda alhali shi kansa yana rufe ran Lahadi, kuma ran Juma'a mai shagon ya tafi masallaci daga azahar zuwa kusan la'asar. Wa'adin kwana 5 da ya fara ran Alhamis da yamma, idan aka cire waɗannan, bai fi yini uku da rabi na ainihin damar zuwa ba. Idan hutun Salla ya faɗo a ciki, abin da ya rage ƙalilan ne, kuma daidai lokacin ne kanta ta fi cika, mai shago ya fi matsuwa ya rabu da tsofaffin kaya.

A tasha babu rubutaccen wa'adi, amma akwai wanda ya fi na takarda tsanani, wato lokacin juyawar mota. Direban da ya kawo saƙo daga Kantin Kwari zuwa Gombe yana so ya yi lodi ya koma. Zai kira sau biyu ko uku. Idan ba a zo ba, sai ya bar kayan a ofishin 'yan yuniyan ko hannun wani mai shago a tashar, ko kuma ya juya da su. Daga nan wanda ya karɓi kuɗin aike ba shi ne yake riƙe da kayan ba, kuma mai riƙon yana iya neman kuɗin ajiya da ba a yi maganarsu tun farko ba.

Wace shaida ake nema

Duk mai miƙa kaya yana ƙoƙarin amsa tambaya ɗaya: idan gobe wani ya zo ya ce bai karɓa ba, da me zan kare kaina? Amsoshin ne suka bambanta.

Gidan waya da manyan kamfanoni suna so su san ko kai wane ne. Suna kwatanta sunan da ke jikin kwali da wanda ke jikin kati mai hoto: takardar NIN, katin zaɓe, lasin tuƙi ko fasfo. Sai ka sa hannu, wani lokaci a rubuta lambar katin. Wannan hanya tana da ƙarfi, amma tana karo da yadda muke kiran juna. Mutumin da duniya ta sani da Babangida ko Ɗanjuma, katinsa yana ɗauke da Ibrahim ko Adamu. Matar da 'yan'uwanta ba sa faɗin sunanta saboda kara, sai su rubuta Hajiya Babba a jikin kwali. Ko sunan yanka ɗaya ne, wani ya rubuta Muhammad, wani Mohammed, wani Muhammadu. Ma'aikaci mai hankali yakan wuce bambancin harafi idan lambar waya ta dace. Amma idan sunan gaba ɗaya wani ne daban, ba shi da hurumin miƙawa, ko da kuwa ya san ka a unguwa.

Loka ba ruwanta da ko kai wane ne, abin da kake riƙe da shi kawai take tambaya. Ana turo lambar sirri, sau da yawa mai alƙaluma shida, ko wani zanen murabba'i da za a nuna wa na'urar, ko kuma a buɗe ƙofar ta manhajar waya. Duk wanda ya zo da lambar, ƙofa za ta buɗe masa. Shagunan karɓa da yawa a yanzu sun ɗauki wannan tsari, su ma lambar da aka turo wayarka suke nema, wasu su haɗa da kati. Sauƙin abin shi ne kana iya aika ɗanka ba tare da wata takarda ba. Haɗarinsa kuma shi ne lambar nan daidai take da makulli: da zarar an shigar da ita, a lissafin kamfani kai ne ka karɓa, kuma da wuya ka ci nasarar musu.

Nan ne 'yan damfara suke shigowa. Wani zai kira ya ce shi ne ma'aikacin kamfani, yana so ya tabbatar da odarka, ka karanto masa lambar da aka turo maka yanzu. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: ana ba da lambar karɓa ne a gaban kanta, lokacin da idonka yake kan kwalin, ba a waya ba. Wata dabarar kuma saƙon tes ne da ke cewa an tsare kayanka sai ka biya ɗan ƙaramin kuɗi ta wani mahaɗi. Ba ƙaramin kuɗin suke so ba, lambobin katin bankinka suke nema. Wanda yake shakka ya kwafi lambar bibiyar da mai aike ya ba shi ya duba ta da kansa a shafin kamfanin. Idan ta gidan waya kayan suka biyo daga waje, lambar tana da siffa sananniya: haruffa biyu, alƙaluma tara, sai haruffa biyu na ƙasar da ta fitar da lambar, kamar `RR123456785CN`. Harafin farko yana nuna nau'in saƙon, `R` na mai rajista, `C` na babban ƙunshi, `E` na EMS mai gaggawa.

Tasha kuwa wanda ya tsaya maka take tambaya. An rubuta suna da lambar waya da maka a jikin buhu. Direba zai kira lambar, wayar da ta yi ƙara a gabansa ita ce shaida. Idan ya yi shakka, sai ya kira mai aike ya haɗa ku a waya. Tsari ne mai sauri da ya dogara ga sanayya, kuma yana aiki fiye da yadda baƙo zai zata. Rauninsa shi ne ba ya barin sawu a takarda. Idan alƙalami ɗaya na lambar ya goge da ruwan sama, ko aka rubuta shi ba daidai ba, saƙon ya zama marar mai shi. Shi ya sa 'yan kasuwar da suka goge suke ɗaukar hoton kayan da lambar motar, su karɓi lambar direba, su tura wa mai karɓa tun mota ba ta tashi ba.

Yadda ake aika wani

Mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce wata tela a Gusau ta sayi ƙaramin injin yin ado a wani kantin intanet, ta biya kuɗin tun farko, ta zaɓi shagon karɓa da ke kusa da kasuwa. Da take buɗe asusu, ta rubuta sunan da kwastomominta suka san ta da shi, Maman Ummi, ta sa lambar wayar maigidanta saboda tata ba ta da kyau a lokacin. Kayan suka iso ran Alhamis, aka ba da kwana 5 na kalanda, wato Talata ce ranar ƙarshe. Saƙon tes mai ɗauke da lambar karɓa ya tafi wayar maigida, shi kuma yana kan hanyar Sakkwato, bai lura da shi ba sai ran Asabar da dare. Lahadi shago a rufe. Ran Litinin ta aiki ƙaninta da katin zaɓenta.

"Malam, na zo karɓar saƙon yayata ne, ga katinta."

"To ƙanina, sunan da ke nan daban, na katin daban. Kana da lambar da aka turo?"

"Tana wayar mijinta, ya yi tafiya."

"Kira shi ya turo maka. In ba ita, ko Hajiyar ce ta zo da kanta, sai mun nemi izini daga sama."

Ma'aikacin ba taurin kai yake yi ba. A gabansa akwai wanda ba shi ne mai oda ba, da katin da sunansa bai dace ba, kuma babu lamba. Abubuwa uku da zai iya dogara da su, babu ko ɗaya. Idan ya miƙa injin aka zo aka yi musu, daga aljihunsa za a cire kuɗin. Da yaron ya samu maigidan a waya aka turo lambar, magana ta ƙare cikin minti biyu, saboda lambar ita kaɗai ta wadatar a irin wannan shago. Da a gidan waya ne, lamba ba za ta yi aiki ba. Can abin da aka saba nema daga ɗan aike shi ne takardar sanarwar da aka ba mai saƙo, da rubutaccen izini mai sa hannunsa, da katinsa ko kwafinsa, da kuma katin shi ɗan aiken.

Duk matsalar wannan baiwar Allah an ƙulla ta ne tun ranar oda, ba ranar karɓa ba. Da ta rubuta sunan da ke katinta, ta sa layin da ke hannunta kullum, da ranar Juma'a da safe kayan suna ɗakinta. Kuma da wa'adin ya matso ba ta samu lambar ba, abin yi shi ne a tuntuɓi kamfanin kafin Talata a nemi ƙarin lokaci. Wurare da yawa suna iya ƙara kwana ɗaya ko biyu idan an nema da wuri. Amma da zarar an shigar da kwalin cikin jerin masu komawa, ko yana nan a kan kanta kana ganinsa da idonka, na'urar ba za ta bari a miƙa maka ba.

Kafin ƙanin ya bar shagon akwai abu ɗaya da ya rage. Sa hannu ko ba da lamba yana nufin an karɓi kaya lafiya a zahiri. Don haka a duba kwalin tukuna: ko an yage shi an sake liƙewa, ko ya jiƙe, ko nauyinsa bai yi kama da abin da aka saya ba. Idan da alamar ɓarna, a ɗauki hoto a gaban ma'aikaci, a sa ya rubuta, ko a ƙi karɓa. Ƙorafin da aka kawo bayan an kai kaya gida ya fi wuyar tabbatarwa nesa ba kusa ba.

Inda kayan da ba a karɓa ba suke zuwa

Jama'a da yawa sun ɗauka kayan da wa'adinsu ya wuce sun zama na mai shago, ko ma'aikata su raba. A tsari ba haka ba ne. Yarjejeniyar jigila tsakanin mai aike ne da mai ɗauka, don haka idan mai karɓa bai bayyana ba, kayan suna komawa ga wanda ya aiko.

A sayayyar intanet hanyar a bayyane take. Kwalin ya koma ma'ajiyar kamfani, daga nan zuwa ga mai sayarwa, a soke odar. Wanda ya biya tun farko za a mayar masa da kuɗinsa, amma sai kayan sun isa an tantance su, abin da kan ɗauki kwanaki ko makonni, kuma ba lallai kuɗin jigila su dawo ba. Wanda ya zaɓi biya idan an kawo yana ganin bai yi asarar komai ba, amma mai sayarwa ya biya zuwa da dawowa, kayansa kuma sun yi makonni ba sa kasuwa. Wannan ne dalilin da ya sa kantuna suke hana wanda ya saba ƙin karɓa damar biya a hannu, kuma matan da ke sayar da atamfa da turare ta waya suke dagewa sai an tura kuɗin mota kafin su kai kaya tasha.

Saƙon ƙasa da ƙasa na gidan waya yana ɗauke da hukuncinsa a jikinsa tun daga inda ya taso. A takardar da mai aiken babban ƙunshi yake cikawa, tare da bayanin kwastan da ake kira CN 23, akwai gurbin da zai zaɓi abin da za a yi idan ba a samu mai karɓa ba: a dawo masa da shi, ko a ɗauka ya sallama. Idan ya zaɓi dawowa, shi zai biya kuɗin dawowar, wanda a ƙananan kaya yana iya fin darajarsu. Idan ya sallama, gidan wayar ƙasar da kayan suke zai yi da su abin da dokarsa ta tanada. Abin da zai ruɓe ba a jiran ƙarewar wa'adi a kansa, ana iya sayarwa ko zubarwa nan take. Kayan da kwastan suka sa wa haraji kuwa ba sa fita sai an biya, kuma waɗanda aka yi watsi da su a hannun kwastan ƙarshensu gwanjo ne ko ƙonawa.

Mafi wahala shi ne kwalin da ba a samu mai karɓa ba, kuma babu adireshin mai aike a jikinsa. Manyan gidajen waya suna da ofishi na musamman saboda irinsu: na Amurka yana Atlanta, na Birtaniya yana Belfast. A nan ne ake da izinin buɗe saƙon mutane, a duba ko akwai rasit ko wasiƙa ko wani abin da zai nuna mai shi. Abin da aka gano mai shi a aika masa. Abin da ya gagara, mai daraja a riƙe shi na wani lokaci sannan a yi gwanjonsa, sauran a bayar sadaka ko a lalata. Darasin da ke nan ga mai aike ƙarami ne amma yana ceton kaya: a saka wata takarda a cikin kwalin mai ɗauke da suna da lambar wayar mai aike da mai karɓa, domin rubutun waje shi ne yake fara gogewa.

A tasha babu irin wannan ofishi, sai kusurwar ɗakin 'yan yuniyan inda buhuna suke tara ƙura. Abin da yake tsare su shi ne amana, kuma malaman fiƙihu sun yi bayaninta tun da daɗewa. Kayan da aka ba mutum ya riƙe ajiya ce a hannunsa. Ba ya ranko idan suka lalace ba da sakacinsa ba, amma daɗewarsu ba ta mayar da su nasa. Ba tsintuwa ba ce ma, tunda an san wanda ya aiko. Ita kanta tsintuwar, wadda ba a san mai ita ba, Risala ta Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaurukanmu ta ce a yi cigiyarta shekara guda. Saboda haka mai riƙe da saƙon da ba a zo ɗauka ba, hanyarsa ita ce ta kamfani da gidan waya: ya nemi mai aike ya mayar masa, ya karɓi kuɗin wahalarsa idan an yi yarjejeniyar haka.

Wannan ya nuna wanda ya kamata a fara kira idan wa'adi ya kuɓuce. Mai karɓa yakan tsaya a gaban kanta yana jayayya da ma'aikacin da ba shi da ikon canza komai, alhali mai aike ne yake da rasit, shi ne ya ƙulla yarjejeniyar, kuma a yawancin kamfanoni shi ne ake saurara idan ana so a gyara suna, a canza wurin karɓa, a sake turo kaya ko a nemi diyya. Don haka mai aike ya adana rasit da lambar bibiya har sai an ce masa kaya sun shiga hannu, mai karɓa kuma da ya ga kwanaki suna ƙurewa ya ɗauki waya ya kira shi tun kwalin bai hau motar komawa ba.